Bayanan aiki: gyaran jadawalin sabunta data da canjin agogo ya rikita mana

Litinin, 31 ga Maris 2025

Jiya Lahadi aikin sabunta data na dare bai tashi ba. Ba wai ya tashi ya faɗi ba, sam bai fara ba, babu layi ko ɗaya a log tsakanin na Asabar da na yau. Shi ya sa ƙararrawa ba ta buga ba, don an saita ta ne ta yi ihu idan aiki ya faɗi, to aikin da bai tashi ba ina zai faɗi.

Bari in rubuta yadda tsarin yake don wanda zai karanta wannan nan gaba. Sabarmu tana kan agogon `Europe/Berlin`. Kullum ƙarfe 02:30 na dare aikin yana tashi, ya ɗauko fayil ɗin cinikin jiya daga wani tsari na waje, ya zuba layukan a tebur, sannan ya haɗa jimillar ranar, wadda ita ce mutane ke gani a dashbod da safe. Abin da ke tayar da shi wani ɗan sikirif ne da muka gada, yana zagayawa duk minti ɗaya yana duba agogo:

```python
now = datetime.now()
if (now.hour, now.minute) == (2, 30):
    refresh()
```

Matsalar tana nan a fili. Daren jiya ne ƙasashen Tarayyar Turai suka tura agogo gaba da awa ɗaya, suna yin haka duk Lahadin ƙarshe ta Maris da ƙarfe 01:00 UTC, wato agogon duniya na bai ɗaya da ba a canza shi. Na tabbatar da `zdump -v -c 2025,2026 Europe/Berlin`, ga layi biyun da suka shafe mu:

```
Sun Mar 30 00:59:59 2025 UT = Sun Mar 30 01:59:59 2025 CET
Sun Mar 30 01:00:00 2025 UT = Sun Mar 30 03:00:00 2025 CEST
```

Daga 01:59:59 agogon ya tsallaka 03:00:00 kai tsaye. Wato a Berlin jiya babu wani abu wai shi 02:30, sikirif ɗin ya yi ta zagaye yana jiran mintin da ba zai zo ba har gari ya waye. Sabar lafiyarta ƙalau, kod ɗin ma ya yi abin da aka rubuta masa.

Da safen nan na tayar da aikin da hannu don dashbod ya cika, ya gama lafiya. Gobe zan duba ko akwai sauran rina a kaba.

Talata, 1 ga Afrilu

Akwai kuwa, kuma wannan ta fi ta jiya damuna.

Wata abokiyar aiki ta ɓangaren lissafi ta aiko da safe cewa cinikin Lahadi ya ninka, na Litinin kuma babu shi gaba ɗaya. Na duba, gaskiyarta. Aikin ya tashi 02:30 kamar kullum, log ya ce ya gama lafiya, amma fayil ɗin da ya ɗauko shi ne dai wanda na ɗauko jiya da safe, ya sake zuba layukan a kan na jiya.

Sai da na zauna na mayar da komai UTC a takarda sannan na gane. Tsarin da ke ba mu fayil ɗin yana kan UTC, yana ajiye sabon fayil ƙarfe 01:00 UTC kullum, hunturu da bazara, ba ya motsi, kuma sunan fayil ɗin ɗaya ne sabo yana danne tsoho. Mu kuma 02:30 ɗinmu ce ke yawo. Lokacin hunturu Berlin tana gaban UTC da awa ɗaya, saboda haka 02:30 ita ce 01:30 UTC, muna zuwa minti talatin bayan an ajiye fayil, daidai. Tun daga Lahadi Berlin ta koma gaban UTC da awa biyu, 02:30 ta zama 00:30 UTC, muna zuwa minti talatin KAFIN a ajiye, sai mu tarar da na jiya mu kwasa.

Abin da ya sa nake cewa ta fi damuna, tsallake dare ɗaya sau ɗaya ne a shekara kuma ana gani. Wannan kuwa ba dare ɗaya ba ne, haka za ta ci gaba kullum har ƙarshen Oktoba, wata bakwai kenan dashbod yana baya da kwana ɗaya kuma kowace safiya lambobin suna canzawa, don haka ido ba ya kamawa da sauri. Da ban tayar da aikin da hannu jiya ba har aka samu ninki, da yanzu ana kallon cinikin shekaranjiya a matsayin sabo. Na koma log na bara na ga haka aka yi duk bazarar 2024, wasu ma sun saba suna cewa ai dashbod ɗin dama yana jinkiri wani lokaci, ashe ba wani lokaci ba ne, daga ƙarshen Maris ne zuwa ƙarshen Oktoba.

Na goge layukan da suka ninka, na zuba na Litinin. Na wucin gadi na matsar da lokacin zuwa 03:30 a sikirif ɗin don mu samu mu yi numfashi. Wannan faci ne kawai, da Oktoba ta zo 03:30 za ta koma 02:30 UTC, ba za ta cutar ba amma dai har yanzu muna kan agogon da ke motsi.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Tunda ina cikin log na bara sai na leƙa daren 27 ga Oktoba 2024, wanda aka mayar da agogo baya. Layi biyu na gani, dukansu sun ce 02:30, dukansu sun ce an gama lafiya, ranar ɗaya. Wanda bai sani ba zai ɗauka log ɗin ne ya maimaita layi.

Ba maimaici ba ne, sau biyu aikin ya gudana. A wannan daren da agogon ya kai 02:59:59 sai ya koma 02:00:00, saboda haka 02:30 ta zo sau biyu, ta farko 00:30 UTC, ta biyu 01:30 UTC, tsakaninsu awa guda cif. Sikirif ɗin awa da minti kawai yake dubawa, ya ga 2 da 30 ya tayar, bayan awa ɗaya ya sake gani ya sake tayarwa. A wannan karon mun yi sa'a don zuwan farko ya kwashi tsohon fayil, na biyu ya kwashi sabo, da ma ta haka ne dashbod ɗin ya cike gurbin kwana ɗayan da yake baya ba tare da kowa ya sani ba. Amma da fayil ɗaya suka tarar dukansu, da ninki za a samu kamar na Talata, don aikin `INSERT` kawai yake yi bai duba ko layin yana nan.

Abin da ya ba ni wahala a wannan binciken shi ne log ɗin kansa, yana rubuta lokacin gari ba tare da nuna tazararsa da UTC ba. Babu yadda za a yi ka bambance 02:30 ta farko da ta biyu sai ka je ka haɗa da log na ɗaya ɓangaren. Yau na canza shi, daga yanzu kowane layi yana fita kamar `2025-04-03T01:30:04Z`. Wannan ko da ba a yi komai ba ya kamata a yi shi.

Alamomin da na tara, don idan wani ya ga irinsu a nasa tsarin ya san inda zai fara: ranar da abin ya faru Lahadi ce, kuskuren awa ɗaya ne cif ba minti goma sha bakwai ba, kuma aikin yana cikin awar da ake taɓawa, a Turai ta tsakiya tsakanin 02:00 da 03:00, a Birtaniya tsakanin 01:00 da 02:00. In ka ga ukun nan sun haɗu kada ka fara zargin netwok.

Juma'a, 4 ga Afrilu

Mun yi magana da ogan ɓangarenmu. Ya ce me zai hana mu watsar da sikirif ɗin mu koma `cron`, manhajar da ke tayar da ayyuka bisa jadawali, ai shi ya san canjin agogo. Tambaya ce mai kyau kuma rabinta gaskiya ne. `cron` na Debian yana da dabara a kan haka, idan agogo ya motsa ƙasa da awa uku, aikin da ke da tsayayyen lokaci wanda aka tsallake yana tayar da shi nan take bayan canjin, idan kuma agogo ya koma baya ba ya maimaita shi. To da shi muke amfani da ba mu rasa daren Lahadi ba. Amma ba kowane mai jadawali ke da wannan dabarar ba, wasu su tsallake wasu su maimaita, sai ka karanta takardun kowanne, kuma ranar da aka matsar da aikin zuwa wani wuri halin ya canza ba wanda ya lura.

Babbar magana kuma, ko ya yi dabarar, 02:30 ta Berlin tana nan 00:30 UTC a bazara, har yanzu za mu riga fayil zuwa. Na ce masa ranka ya daɗe, abin da muke jira yana kan UTC, dole mu ma mu auna da UTC, in ba haka ba tazarar minti talatin ɗin nan da muka dogara da ita ba ta da tabbas. UTC ba a tura shi gaba ba a mayar da shi baya, 01:30 tana zuwa sau ɗaya a kowace rana ta shekara, kuma tsakanin tashin yau da na gobe awa 24 ne kullum. Ya amince.

Akwai wanda ya kawo shawarar mu mayar da sabar gaba ɗaya UTC da `timedatectl set-timezone UTC`. A sabuwar saba haka zan yi tun farko. A wannan dai a'a tukuna, akwai wasu ayyuka a kanta da aka rubuta lokutansu da agogon Berlin, duk sai sun motsa a dare ɗaya, ba na son in gyara ɗaya in tayar da biyar.

Litinin, 7 ga Afrilu

An cire sikirif ɗin zagaye, an koma mai jadawalin `systemd`, da UTC a rubuce a cikin layin jadawalin kansa, ta yadda ko wani ya canza agogon sabar gobe bai shafe mu ba:

```ini
[Timer]
OnCalendar=*-*-* 01:30:00 UTC
Persistent=true
```

`Persistent=true` ɗin don idan sabar tana kashe a lokacin, da ta dawo aikin zai tashi. Kafin in kunna na gwada daren Oktoba mai zuwa ba sai na jira shi ba:

```
systemd-analyze calendar --iterations=3 \
  --base-time="2025-10-24 12:00" "*-*-* 01:30:00 UTC"
```

Ya nuna 25 ga wata 03:30 CEST, 26 ga wata 02:30 CET, 27 ga wata 02:30 CET, kuma a UTC duka 01:30. Na 26 ɗin ya faɗa kan 02:30 ta biyu, bayan an mayar da agogo, kuma sau ɗaya tak. Wannan nake son gani.

Amma ban yarda in dogara da jadawali shi kaɗai ba. Yanzu aikin kafin ya zuba komai yana duba ranar da ke cikin fayil ɗin, idan ba ta jiya ba ce ya jira minti goma ya sake dubawa, idan har 03:00 UTC bai ga sabo ba ya faɗi da ƙara don ƙararrawa ta buga. Sannan an sa wa teburin makulli a kan lambar ciniki, zubawar ta koma `INSERT ... ON CONFLICT DO NOTHING`, ko sau goma aka tayar da aikin sakamako ɗaya ne. Wannan ba maganar agogo ba ce kai tsaye, amma shi ne ya sa ninkin Talata ya yi ɓarna, kuma mutum zai iya tayar da aiki da hannu kowace rana.

Laraba, 9 ga Afrilu

Ƙararrawa ta biyu: wani ɗan aiki daban yana duba yaushe ne aka gama sabuntawa ta ƙarshe, idan ta wuce awa 25 ya aiko saƙo. Da muna kan lokacin gari wannan iyakar za ta buga ta ƙarya ranar mayar da agogo baya, don tazarar ranar awa 25 ce da ma. Yanzu tunda 24 ce kullum, awa ɗayan da ke sama sarari ne na gaske.

Litinin, 14 ga Afrilu

Yau na gano inda UTC bai isa ba, kuma gara in rubuta shi dalla dalla don na ga mutane suna cewa a sa komai a UTC shike nan an gama.

Lokacin da aiki ke tashi abu ɗaya ne, ma'anar "rana" a rahoto abu ne daban. Masu karanta dashbod ɗinmu idan suka ce cinikin 30 ga Maris suna nufin daga sha biyun dare zuwa sha biyun dare a Berlin, ba a UTC ba, kuma suna da gaskiya, da wannan suke rufe littafinsu. Kod ɗin haɗa jimilla yana ɗaukar farkon rana ya mayar da shi daƙiƙu, sai ya ƙara 86400 ya ce ga ƙarshen rana. Kwana 363 a shekara hakan daidai ne. Amma 30 ga Maris ta fara 23:00 UTC na 29 ga wata ta ƙare 22:00 UTC, awa 23 ce. Ƙara 86400 ya sa an shiga awar farko ta 31 ga Maris, aka ƙirga cinikin wannan awar a Lahadi aka sake ƙirga shi a Litinin. Dare ne ciniki kaɗan ne shi ya sa ba a lura ba, amma yana nan, na ciro layukan na gani. Ranar 26 ga Oktoba akasin haka za a yi, za ta fara 22:00 UTC na 25 ta ƙare 23:00 UTC na 26, awa 25, kod ɗin zai tsaya a awa 24 ya bar ta ƙarshe ba ta shiga ko'ina.

Gyaran shi ne a lissafa iyakokin biyu kowanne da kansa a agogon Berlin, sannan a mayar da su UTC:

```python
tz = ZoneInfo("Europe/Berlin")
farko = datetime(2025, 10, 26, tzinfo=tz).astimezone(timezone.utc)
karshe = datetime(2025, 10, 27, tzinfo=tz).astimezone(timezone.utc)
print(karshe - farko)   # 1 day, 1:00:00
```

A kula da `astimezone` ɗin nan. Idan ka ɗebe lokuta biyu da ke kan `tz` ɗaya ba tare da mayar da su UTC ba, Python yana lissafi da fuskar agogo ne, zai ce maka kwana ɗaya cif, sai ka ɗauka babu matsala alhali gwajin ne bai ga komai ba.

Haka kuma saƙon imel da ke fita ƙarfe 07:00 na safe, wannan ban mayar da shi UTC ba kuma ba zan mayar ba. Mutum yake jiransa yana shiga ofis, idan na kafe shi a 06:00 UTC zai riƙa zuwa 08:00 duk bazara. Ya zauna a `OnCalendar=*-*-* 07:00:00 Europe/Berlin`, da sunan yankin ba da `+01:00` ba, don tazarar ce ke canzawa, sunan kuma shi ke jawo dokokin daga `tzdata`, kundin dokokin agogon yankuna. 07:00 ta yi nisa da awar da ake taɓawa, tana zuwa sau ɗaya kullum. Abin da na duba kawai shi ne aikin dare ya gama kafin nan a duka yanayin biyu, 07:00 ita ce 06:00 UTC a hunturu, 05:00 UTC a bazara, mu kuma ko a dare mafi muni zuwa 03:00 UTC mun san matsayinmu. Da wanda ya fi matsewa ake lissafi, wato na bazara.

Kada kuma wani ya ɗauka sha biyun dare mafaka ce a ko'ina. Brazil kafin ta daina canjin agogo a 2019 da sha biyun dare take turawa gaba, ranar babu 00:00 sam.

Litinin, 20 ga Oktoba

Na dawo kan wannan don Lahadi mai zuwa ce ranar. Tun Afrilu aikin yana tashi 01:30 UTC yana tarar da fayil ɗinsa. Na sake gudanar da gwajin iyakokin rana na 26 ga wata, ya ba da awa 25. Na tabbatar `tzdata` na sabar na zamani ne.

Akwai sabon abu ɗaya. An fara tura kwafin rahoton ga wasu abokan hulɗa a New York, suna da nasu aikin da ke ɗauka a lokacin garinsu. Amurka ba ranar ɗaya take canzawa da Turai ba, ita Lahadi ta biyu a Maris da Lahadin farko a Nuwamba take yi, bana 9 ga Maris da 2 ga Nuwamba. Don haka daga 26 ga Oktoba zuwa 2 ga Nuwamba tazarar Berlin da New York awa biyar ce ba shida ba. Takardar da aka ba su a baya ta ce rahoton yana fita "bakwai na safe agogon Berlin, ɗaya na dare agogonku", to a wannan satin biyu na dare zai zama a wajensu, in suka zo ɗaya za su kwashi na jiya, irin abin da ya same mu a Afrilu. Na rubuta musu cewa su daina bin imel ɗin, su ɗauka daga inda aikin dare ke ajiyewa, kuma alƙawarinmu 03:30 UTC ne, su saita nasu a kan wannan.

Litinin, 27 ga Oktoba

Log na jiya layi ɗaya ne, `2025-10-26T01:30`, an gama lafiya. Na yau ya haɗa jimillar Lahadi da awa 25, na gwada da ƙirgar layukan teburin daga 22:00 UTC na Asabar zuwa 23:00 UTC na Lahadi sun yi daidai. Imel ya fita 07:00 agogon Berlin, wato 06:00 UTC. Ƙararrawar awa 25 ba ta buga ba.

Abin da ya rage, ayyukan nan na kan sabar da har yanzu suke lokacin gari. Na fara jera su, kowanne ina rubuta me yake jira, inji ko mutum. Guda biyu suna tsakanin 02:00 da 03:00, ɗaya mai ɗaukar ajiyar data ne ɗaya mai share tsofaffin fayiloli, kuma mai sharewar yana lissafin shekarun fayil da 86400 shi ma. Da shi zan fara a satin nan, kafin 29 ga Maris 2026.